Yadda malami zai rubuta wa ɗalibin da zai bar ajinsa katin ban kwana, da 'yar kyautar da za ta raka shi

A makarantun firamare na Gombe da Bauchi zango na uku kan ƙare ne a watan Yuli, ana tsakiyar damina. A makon ƙarshe malami yana fama da makin jarrabawa da cike katin sakamako, 'yan aji shida kuma hankalinsu ya riga ya tafi ƙaramar sakandare da za su shiga a watan Satumba. A cikin wannan hada-hadar ne malami mai son ya sallami ɗalibinsa da kyakkyawar kalma yake ɗaukar biro, sai ya tarar bai san abin da zai rubuta ba, ya ƙare da "ka dage da karatu, Allah ya ba da sa'a". Addu'ar tana da kyau, amma yaron ya ji ta daga bakin kowa. Katin da yaro ke adanawa shi ne wanda ya faɗi wani abu guda na gaskiya da malamin ya gani a tare da shi, a rubuce ta yadda zai iya karantawa da kansa, kuma mahaifinsa ya karanta ba tare da ransa ya sosu ba. Zan bi aikin daga farko, da misalin ɗaliba 'yar aji shida a wata firamare a Gombe. A ce sunanta Hauwa'u.

Ka fara yanke shawarar wa da wa za ka ba

Wannan ne matakin farko, tun kafin a sayi takarda. Idan yaro ɗaya ne zai bar ajin, misali an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki daga Gombe zuwa Azare, babu wata matsala, kowa a ajin ya san dalilin katin. Amma idan duk ajin ne za su wuce, ka ba mutum uku ka bar sauran, to ka sani waɗanda ka bari ba za su manta ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, kuma a ganina malamin aji ya fi kowa buƙatar ya riƙe wannan ladabi, domin yara suna kallon hannunsa kamar yadda suke kallon na uba.

Mafita ita ce a raba abu biyu. Kati kowa ya samu. Kyauta kuwa, ko dai kowa ya samu iri ɗaya mai sauƙin kuɗi, kamar biro, ko kuma a ba wasu a kan dalilin da aka sanar a fili tun da wuri, kamar wanda bai yi fashi ba ko sau ɗaya. A ce ajinka yara 70 ne. Idan kowane kati ya ci maka minti 5, minti 350 ke nan, kusan awa 6. Ba aikin dare ɗaya ba ne. Kati 10 a rana ya ishe ka ka gama cikin mako guda, don haka ka fara mako biyu kafin ranar hutu, ka bar wa kanka sarari.

Ka kuma sanar da hedimasta abin da kake shirin yi, ka nuna masa kati ɗaya ya gani. Minti biyu ne, amma ranar da wani uba ya zo yana tambayar takardar da aka ba 'yarsa, akwai wanda ya san zancen.

Ka nemo abin da ka gani da idonka

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Ɗauki rajistar aji, ka samu takarda daban, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Gaban kowane suna ka rubuta wani abu da ya faru, wanda za ka iya cewa ga ranar ko ga watan. "Tana da ƙoƙari" ba abin da ya faru ba ne, hukunci ne. "Ta fito allo da kanta ta yi lissafin rabawa" shi ne abin da ya faru. Idan ƙwaƙwalwa ta ƙi kawo komai, ka buɗe littattafan aikin yaron, ka ajiye shafin zangon farko kusa da na zango na uku. Sau da yawa bambancin yana nan ƙarara: rubutun da da yake hawa da sauka yanzu ya zauna a kan layi, ko jimlar da ba ta da aya yanzu tana da ita. Rajista ma tana magana. Yaron da ke zuwa daga nesa, ya keta ruwan sama bai makara ba, yana da abin da za a yabe shi a kai ko da shi ne na ƙarshe a jarrabawa.

Ga yadda za ka gwada ko abin da ka samo ya isa. Rufe sunan da ɗan yatsa ka karanta jimlar. Idan za ta zauna daidai a kan yara goma a ajin, ba ka samo ba tukuna. Idan duk wanda ke ajin zai ji ta ya ce "ai wannan Hauwa'u ce", to ka samo.

A misalinmu, abin da malamin ya tuna shi ne Hauwa'u takan sunkuyar da kai a zangon farko duk lokacin da aka zo lissafin rabawa, don kada a kira ta. A watan Mayu kuwa ta ɗaga hannu, ta fito ta raba 756 gida 6 a allo, ta samu 126, har ta bayyana wa aji yadda ta sauko da lambobin. Wannan kaɗai ya isa ginshiƙin kati. Kada ka tara abubuwa uku ko huɗu, ɗaya mai ƙarfi ya fi tsayawa a zuciya.

Akwai abin da ka gani da idonka amma ba na rubutawa ba ne. Rashin takalmi, zuwa makaranta ba karin kumallo, talla bayan an tashi, rabuwar iyaye, maraici, duk waɗannan ka bar su a zuciyarka. Kana iya nufin tausayi, amma katin zai shiga gida, yayye da ƙanne da 'yan uba za su karanta, kuma abin da ka rubuta da kyakkyawar niyya yana iya zama gori a tsakar gida.

Rubutun kansa

Kada ka fara a kan katin. Ka yi gwaji a takardar banza tukuna. Ga irin abin da yakan fara fitowa:

"Hauwa'u, ke yarinya ce mai ƙoƙari da ladabi da biyayya. Ki dage da karatu, ki guji ƙawayen banza, ki rage surutu a aji. Allah ya ba da sa'a."

Babu ƙarya a ciki, amma duba abin da zai faru da shi. Jimlar farko ta kowa ce. Ta biyu ta ɗora umarni uku a jere, biyu daga ciki kuma suna ɗauke da zargi. Mahaifiyar da ta ji "ki guji ƙawayen banza" tambayar da za ta fara yi ita ce su wane ne ƙawayen, kuma me malam ya gani. Takardar da aka yi don faranta rai sai ta jawo wa yarinya tuhuma a daren hutu. Gyaran hali yana da wurinsa, wato katin sakamako da kuma magana baki da baki. Yanzu ga wanda aka gyara:

"Hauwa'u,
A zangon farko ba kya son fitowa allo idan ana lissafin rabawa. A watan Mayu kin fito da kanki, kin raba 756 gida 6, kin samu 126, kuma kin nuna wa aji yadda kika yi. Na ji daɗin wannan rana sosai. A sakandare ma, idan abu ya shige miki duhu, ki ɗaga hannu ki yi tambaya. Ga kayan lissafi ki fara da su. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani. Ki gaishe da mutanen gida.
Malaminki na aji shida."

A ƙarƙashi sai malam ya sa sunan da yara suka san shi da shi, da sunan makaranta, da wata da shekara. Kada a raina wannan layi na ƙarshe. Bayan shekara goma sha biyar, shi ne zai gaya wa mai katin daga ina takardar ta fito.

Ka lura da yadda saƙon ya tafi. Ya fara da inda yarinyar take da, ya kai inda ta iso, kuma ya ambaci rauninta na baya ne kawai saboda ta riga ta ci ƙarfinsa. Raunin da yaro bai fita daga cikinsa ba tukuna ba a sa shi a kati. Daga nan malam ya faɗi abin da shi ya ji, a jimla ɗaya gajera. Mu malamai muna jin nauyin faɗin irin wannan, mun fi sabawa da jan kunne, amma yaro yana buƙatar ya san cewa abin da ya yi ya taɓa zuciyar babba. Shawarar guda ɗaya ce tak, kuma daga labarin ta tsiro: ta ɗaga hannu sau ɗaya ta ga amfaninsa, to ta ci gaba da ɗagawa. Sai ambaton kyautar, sai addu'a, sai gaisuwar gida. Gaisuwar nan tana da aiki, domin tana shaida wa iyaye cewa malam ya rubuta ne yana sane da za su gani.

Tsawon saƙo kada ya wuce kalma 60 zuwa 80 ga ɗan aji shida. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, jimla uku da manyan haruffa sun wadatar.

Harshen da za a rubuta shi ne wanda yaron zai karanta ba tare da ya nemi taimako ba. A yawancin firamarenmu na gwamnati Hausa ce. Idan ka rubuta da Turanci mai nauyi, yayansa ne zai karanta ya fassara masa, kuma rabin daɗin ya tafi a hanya. Idan yaron Bafulatani ne, ko Batangale, ko Batere, kuma kana jin harshen gidansu sosai, layi ɗaya na gaisuwa da shi yana faranta wa iyaye rai ƙwarai. Idan ba ka ji sosai, ka tsaya a Hausa.

Suna kuma a rubuta shi daidai. Rajista takan zo da sunaye babu lanƙwasa, amma a kati ka rubuta Ƙasimu da Ɗahiru da Sa'adatu yadda ake faɗinsu. Ka yi amfani da sunan da yaron ke so a kira shi da shi, ban da sunan tsokana da 'yan aji suka laƙaba masa, ko da kai ma bakinka ya saba da shi.

Game da addu'a, azuzuwanmu a Gombe da Bauchi sukan haɗa Musulmi da Kirista, musamman idan ka nufi Billiri da Kaltungo, ko Tafawa Ɓalewa da Bogoro. "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka nasara" addu'a ce da kowane gida zai ce amin. Ayar Alƙur'ani kuwa shawarata a bar ta, kada a rubuta a kati, saboda takardar yaro tana iya faɗuwa a hanya ko a share ta cikin shara.

Yaron da ya ba ka wahala

Katin Hauwa'u mai sauƙi ne. Wanda ke gwada malami shi ne na yaron da ya shekara yana tayar maka da aji. A ce sunansa Ɗahiru. Jarabar da za ta zo maka iri biyu ce: ko ka yi masa yabon da ba ka yarda da shi ba, ko ka ɓoye faɗa a cikin nasiha. Yabon ƙarya yaron zai gane shi nan take, domin ya fi kowa sanin yadda kuka yi da shi. Abin yi shi ne ka koma ga takardarka ka nemo gaskiyar da ke gefensa. Irin waɗannan yara galibi su ne masu saurin tashi idan aiki ya taso:

"Ɗahiru,
Ranar da iska ta kwashe kwanon ajinmu ruwa ya shigo, kai ne ka fara tashi ka kwashe littattafai, sauran suka bi ka. Na lura idan ka fara abu, yara suna bin ka. Ka riƙa fara abin kirki a sabuwar makarantarka. Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da Baba."

Babu yabon da ya wuce gaskiya a nan, kuma babu tonon asiri. Yaron zai fahimci abin da kake nufi da "abin kirki" ba sai ka lissafa masa laifukansa ba. Amma kafin ka rubuta "ka gaishe da Baba", ka tabbata mahaifin yana raye kuma suna tare. Idan kana shakka, "mutanen gida" ya fi aminci.

Haka nan kada ka yi alkawarin da ba ya hannunka. "Za ka zama likita" nauyi ne ka ɗora wa yaro. Idan kuma kana fargabar ba za a bar yarinya ta wuce sakandare ba, kati ba wurin jayayya da iyaye ba ne. Jimla ɗaya ta isa, irin "Hauwa'u tana da kan karatu, ina fatan ganinta a sakandare". Sauran maganar ka je ka yi ta da mahaifinta cikin girmamawa, ko ta hannun hedimasta.

Takarda da biro

Ba sai ka sayi katin kanti ba, galibinsu ma an riga an buga musu saƙon Turanci da ba ruwansa da yaronka. Farar takarda A4 mai ɗan kauri ta isa. Yanka ta biyu, ka ninke kowane rabi, ka samu kati biyu masu faɗin kusan santimita 10 da rabi da tsawon kusan 15. Aji mai yara 70 takarda 35 zai ci. A bango ka rubuta sunan yaron da manyan haruffa, saƙon kuma a ciki ta hannun dama. Ja layi marar nauyi da fensir da rula don rubutun ya miƙe, ka goge bayan tawada ta bushe.

Yi amfani da biro shuɗi ko baƙi. Jan biro na maki ne, ido na ganinsa gaban yaro ke faɗuwa. Alƙalamin maka da na tawadar ruwa kuma ba sa jure damina, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya dagula layi. Saboda wannan dalili, ka saka katin cikin littafin rubutu ko 'yar leda kafin yaro ya kama hanyar gida.

Kyautar

Ƙa'idata ita ce kyauta ta zama abin da yaro zai yi aiki da shi a aji na gaba, kuma ta yi ƙanƙantar da ba za ta ɗora wa iyaye nauyin ramawa ba. Mun san halinmu, idan abu mai tsada ya shigo gida daga hannun malam, uwa ba za ta samu sukuni ba sai ta aiko da wani abu, ko da ba ta da shi.

Ga mai shiga ƙaramar sakandare, akwatin kayan lissafi da yara ke kira mas-set ya dace ƙwarai, domin zai buƙaci kamfas da ma'aunin kusurwa, kuma gidaje da yawa sai an koma makaranta ake tunawa da shi. Ka buɗe shi a gaban mai shago: ka ga kamfas yana riƙe fensir bai yi sako-sako ba, lambobin ma'aunin kuma sun fito sarai. Ga ƙananan yara kada ka ba da shi, tsinin kamfas yana ji wa yaro ciwo. Fensir HB biyu da abin gogewa sun fi musu. Idan duk aji za ka ba, littafin rubutu mai falle 40 ko 60 ko biro ɗaya ya isa, kuma sayen dozin a babbar kasuwar Gombe, ko a Wunti idan a Bauchi kake, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Idan aljihu bai ba da dama ba, katin kaɗai ma kyauta ce cikakkiya, kada ka ci bashi a kan wannan.

Inda hali ya yi, ka haɗa kyautar da saƙon. Hauwa'u an yabe ta a kan lissafi, aka ba ta kayan lissafi. Wanda aka yaba wa kyan rubutu, biro mai kyau ne nasa.

Abin da ban yarda a ba ɗalibi ba shi ne kuɗi, turare, man shafawa, kayan kwalliya da tufafi. Kuɗi yakan ƙare a wurin mai awara kafin a isa gida, ko a ƙwace a hanya. Sauran kuwa a al'adarmu suna da ma'anar da ba ta malami da ɗalibi ba, musamman daga malami namiji zuwa yarinyar da ta fara tasawa. A kan wannan ina da tsauri. Kada ka sa lambar wayarka a katin yarinya, kada ka rubuta kalmar da za ka ji kunya a karanta a gaban mahaifinta, irin "ina kewarki" ko yabon kyan fuska, kada kuma ka manne ambulan. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce kuma ga mutuncinka. Malama mace tana iya cewa "'yata", malami namiji ya tsaya a suna ya fi.

Ranar bayarwa

Ka jira sai an gama jarrabawa an shigar da maki, don kada wani ya haɗa kyautar da sakamako. Ranar raba katin sakamako ita ce ta fi dacewa. A cikin aji za ka bayar, a gaban kowa, kana kiran suna bisa jerin rajista, ba bisa wanda ya zo na ɗaya ba. Ka miƙa da hannun dama, ka dubi yaron, ka faɗi kalma ɗaya ko biyu. Kada ka karanta saƙon wani da ƙarfi a gaban aji. Idan akwai wanda ka san karatu na yi masa wuya, ka kira shi gefen teburinka a nan cikin ajin, ka karanta masa a hankali kana bin layin da yatsa, don idan ya je gida ya iya maimaitawa.

Kafin ranar ka ƙirga katunan ka gwada da rajista sau biyu, ka kuma riƙe kati biyu ko uku da ba a rubuta komai a kai ba a aljihu, saboda wanda ka tsallake ko wanda ya lalace. Idan wani bai zo ba, kada ka ba ɗan unguwarsu ya kai masa. Takarda a hannun yaro takan ɓace ko a karance ta a hanya, kuma kyautar da aka aiko da ɗan aike tana sa gida neman tukuici. Ka haɗa katin da kyautar da katin sakamakonsa, ka rubuta sunansa a kai, ka ajiye a ofishin hedimasta, duk wanda ya zo karɓar sakamako daga gidansu ya tafi da su tare.